Fashin baƙi: yadda ake raɗa wa aikin bincike suna ba tare da yin alkawarin ƙarya ba

Duk takardar neman tallafin bincike da ta shiga hannun kwamitin tantancewa, abin da aka fara karantawa a cikinta shi ne takenta, kuma sau da yawa shi ne abin da marubucin ya fi yi wa riƙon sakainar kashi. Malami zai yi makonni yana gyara hanyar gudanar da bincike da kasafin kuɗi, sai daren da za a rufe karɓar takardu ya ɗora wa aikin suna cikin minti biyar, ko kuma ya kwafo fasalin taken da ya saba gani a kundayen digiri. Abin da nake so in warware a nan shi ne cewa kowace kalma da ke cikin take alkawari ce, kuma shafukan da ke biye ne za su cika shi ko su saɓa. Mai tantancewa da ya san aikinsa yana riƙe taken a ransa har ya kai shafin ƙarshe, yana duba ko an biya abin da aka ɗauka.

Malaman manyan makarantunmu na Kebbi da Zamfara, daga jami'o'in tarayya na Birnin Kebbi da Gusau zuwa jami'ar Aliero da kwalejojin fasaha na Waziri Umaru da Ƙaura Namoda, galibi ƙofar da suka fara ƙwanƙwasawa ita ce ta TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu. Akwai ƙaramin tallafi na bincike a matakin makaranta, wanda ake kira IBR, sannan akwai babban asusun bincike na ƙasa, NRF, inda ake gogayya da malaman ƙasar baki ɗaya. A duka biyun, takardarka ba ita kaɗai ce a kan tebur ba. Mai tantancewa yana da tari a gabansa, kuma idan kwamiti ya zauna ba a karanto cikakken take a kowane lokaci. Cewa ake yi, wancan na shinkafar Argungu, ko kuma, wannan na gubar dalma. Ke nan ko ka raɗa wa aikinka gajeren suna ko ba ka raɗa ba, za a raɗa masa a bayan idonka. Gara ya fito daga bakinka.

Saboda haka aiki yana buƙatar suna biyu, kamar yadda mutum ke da sunan yanka da kuma laƙabi. Sunan yanka shi ne cikakken taken da zai hau kan takardar amincewa, da takardar kwamitin ɗa'ar bincike, da rahoton ƙarshe. Aikinsa faɗin gaskiya dalla-dalla: me za a auna, a kan su wa, a ina, ta wace hanya. Laƙabi kuwa kalma ɗaya ce zuwa uku da za a riƙa kira a taro da ƙauye da jikin allo. Rikicin da ake samu yakan faru ne idan aka ɗora wa suna ɗaya aikin biyun, sai a sami take mai armashi da bai faɗi komai ba, ko kuma mai layi huɗu da ba mai iya maimaita shi.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata malamar tsimin noma a Birnin Kebbi tana neman IBR. Ta lura cewa tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoman shinkafar rani a fadama suna kokawa da kuɗin man da injin ban ruwa ke sha, wasu kuma sun koma famfon sola. Tana so ta san ko komawar tana biyan kuɗin sabulu. Abin da kuɗinta da lokacinta za su iya ɗauka shi ne manoma 120 a ƙauyuka 4 na ƙananan hukumomin Argungu da Augie, rabinsu masu sola, rabi masu injin fetur, a bi su tsawon noman rani ɗaya. Za ta rubuta abin da kowa ya kashe a ban ruwa, da yawan buhunan shanshera da ya samu a kowace kadada. Takardun kan shiga da Turanci, amma zan kawo taken da Hausa, domin aibinsa ɗaya ne a kowane harshe. Ga abin da ta fara rubutawa: Tasirin famfon sola wajen bunƙasa noman shinkafa da kawar da talauci a Arewacin Najeriya.

Take ne mai daɗin ji, kuma irinsa ne ya cika kabad-kabad na sassanmu. Amma a ɗauke shi kalma-kalma a aza kusa da kasafin kuɗin.

A fara da ta ƙarshe, domin ita ta fi sauƙin kamawa. Arewacin Najeriya jihohi 19 ne da Abuja a tsakiyarsu. Ita kuwa ƙauyuka 4 za ta je, duk a bakin gulbi ɗaya, inda ruwan ƙasa ke kusa har ana samunsa da ɗan gajeren tubwel. Abin da ta gano a nan ba lallai ya yi daidai da manomin da ke shan ruwan kanal a Bakolori ba, wanda ruwa ke gangaro masa daga madatsa, balle wanda ke Hadeja. Mai tantancewa zai buɗe shafin kuɗin sufuri, ya ga tafiye-tafiye tsakanin Birnin Kebbi da Argungu kawai, nan take ya san taken ya fi aikin faɗi. Masu rubutu kan yi haka ne da tunanin cewa faɗaɗa wuri na ƙara wa aiki daraja. A idon wanda ya saba, alama ce ta cewa marubucin bai tantance iyakar abin da zai iya faɗa ba.

Kawar da talauci kuma babu inda takardar ta ce za a auna shi. Auna talauci na buƙatar sanin abin da gida ke samu da abin da yake kashewa a duk shekara, da yawan bakunan da ke ci, da sauran sana'o'in maigida da matansa. Ita kuɗin ban ruwa da buhuna take ƙirgawa. Idan tana ganin aikinta zai taimaka wa masu tsara manufofin rage talauci, ta faɗi hakan a sashen amfanin bincike, inda aka yarda mutum ya yi fata. Take ba wurin fata ba ne.

Bunƙasa ta fi waɗancan wayo, domin ta yanke hukunci kafin a zauna shari'a. Ta riga ta ce sola na ƙara noma. To idan aka gama aka ga masu sola sun rage kashe kuɗi amma buhunansu ba su ƙaru ba fa? Ko ma sun ragu, saboda famfon ba ya aiki da dare, kuma ƙurar hunturu na rage ƙarfin farantin sola a daidai lokacin da ake dashe? Wannan sakamako ne mai amfani ƙwarai, wataƙila ma shi manomi ya fi buƙatar ji kafin ya sayar da bijiminsa ya sayi faranti. Amma malamar da ta rubuta bunƙasa a bangon takardarta za ta ji kamar aikinta ya faɗi, kuma daga nan ne ake fara jan alƙaluma su karkata inda take ya nuna. Gwajin da nake yi wa kowane take shi ne: a ƙaddara sakamakon ya fito akasin abin da kake fata, shin za ka iya buga rahoton da wannan sunan ba tare da jin kunya ba? Idan amsar a'a ce, akwai kalmar da ta wuce gona da iri.

Sai babbar cikinsu, wato tasiri. Nan ne nake so a ɗan daɗe, domin kalmar ta zama ruwan dare har an manta da nauyinta. Wanda ya ce zai auna tasirin abu, yana da'awar cewa zai nuna abin shi ne sanadin bambancin da aka gani. Don a iya faɗin haka, sai rukunonin biyu sun yi kama da juna a komai in ban da abin da ake gwadawa, kuma hanyar da ta fi tabbatar da hakan ita ce a raba famfunan ta ƙuri'a, ko aƙalla a sami bayanan kowane manomi kafin ya koma sola da bayan ya koma. Malamarmu ba ta da kuɗin sayen famfuna ta raba. Za ta tarar da mutanen da suka riga suka saya da kansu. Su wane ne waɗannan? Galibi masu ɗan ƙarfi ne, waɗanda suke iya zuba taki a kan kari, su sayi iri mai kyau irin FARO 44 daga amintaccen dila, su biya 'yan ƙwadago su cire ciyawa kafin ta ci ƙarfin shuka. Idan suka fi maƙwabtansu buhuna, ba za a iya cewa sola ce ta jawo ba, mai yiwuwa aljihu ne. Ana iya rage wannan matsala da lissafi, a yi la'akari da girman gona da yawan taki da shekarun gogewa, amma ba a kawar da ita gaba ɗaya. Abin da aikinta zai yi da gaske shi ne kwatantawa, kuma kwatantawa ba abin raini ba ne. Kalmomin aikatau na take suna da matakai: bayyanawa, aunawa, kwatantawa, gwadawa. Kowanne yana da tsarin bincike da kuɗin da yake nema, kuma taken ya tsaya a matakin da takardar ta taka.

Da aka zubar da waɗannan huɗun, me ya rage? Hanya mafi sauƙi ita ce ta ajiye tsohon taken gaba ɗaya, ta buɗe shafin manufofi da na hanyar bincike, ta ciro abubuwa huɗu daga can: abin da za a auna, su wa, ina, da wane irin aiki. Sai ya fito haka: Kuɗin ban ruwa da yawan amfanin gona a noman shinkafar rani: kwatanta masu famfon sola da masu injin fetur a fadamun Argungu da Augie, Jihar Kebbi.

Bai kai na farko ƙyalli ba, amma duk wanda ya karanta ya san abin da zai samu a ciki. An fara da abin da ake aunawa, ba a ɓata kalmomin farko a kan nazari a kan, ko bincike game da ba, tunda kowa ya san bincike ne, kuma a jerin takardu a kan allon kwamfuta sau da yawa farkon take kawai ke bayyana. An bar Jihar Kebbi a ƙarshe saboda mai tantancewa daga Inugu ko Ibadan ba lallai ya san inda Augie take ba. Kuma kalmomin da wani ɗalibi zai rubuta yana neman irin wannan aiki nan da shekara biyar, shinkafa, ban ruwa, sola, Kebbi, duk suna ciki. Tsawo ma abin lura ne ga mai niyyar neman kuɗin waje: hukumar NIH ta Amurka tana tsayar da take a haruffa 200 har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, shirin Horizon Europe na Tarayyar Turai ma haka, kuma shi yana neman gajeren suna dabam a gurbinsa. Wanda bai ƙirga ba tun farko, akwatin shafin ne zai datse masa wutsiyar takensa, kuma wutsiyar nan ita ce ke ɗauke da sunan wuri.

Yanzu sai laƙabi, inda mutane suka fi zamewa. Amfaninsa tabbatacce ne. A 2006 mujallar likitanci ta New England ta buga wani ɗan nazari da ya nuna cewa gwaje-gwajen magani masu gajeren suna an fi ambatonsu a rubuce-rubucen da suka biyo baya fiye da marasa shi. Abin da ake iya kira shi ake tunawa. Amma wannan ƙarfin shi ne haɗarinsa, domin laƙabi yana tafiya inda cikakken take ba ya zuwa, kuma ba ya tafiya da bayani.

Muna da misalai a ƙofar gida. Shirin Fadama na Bankin Duniya, wanda aka fara tun farkon shekarun 1990 aka kuma yi na biyu da na uku, ya zauna a bakin mutane ne saboda sunan ya ambaci wurin aikin da kalmar da manomi ya riga ya sani, bai yi alkawarin komai ba. TRIMING, shirin da ya gyara kanal-kanal na Bakolori, yana da sauƙin faɗa ko da yake bai gaya wa manomi komai ba. PRRINN-MNCH kuwa, shirin rigakafi da lafiyar mata da yara da ya yi aiki a Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe, haruffa ne da harshe ba ya iya haɗawa, sai an bi su ɗaya-ɗaya. Sai LAKE Rice da aka ƙaddamar a Disambar 2016, inda aka haɗa farkon sunan Legas da na Kebbi. Dabara ce mai kyau ga buhun shinkafa a kasuwa, amma mai jin Turanci da bai san labarin ba zai zaci shinkafar wani tafki ce. A kasuwa wannan ba laifi. A bincike kuwa, gajeren sunan da ke tura mai karatu wani fanni dabam yana ɓatar da waɗanda aka yi aikin dominsu. Wanda na fi yabawa shi ne gwajin WOMAN da aka buga sakamakonsa a 2017, wanda ya gwada wani magani na tsayar da zubar jini bayan haihuwa a kan mata fiye da 20,000 a ƙasashe 21, har da Najeriya. Sunan ya faɗi su wa aikin ya shafa, bai ce maganin zai yi aiki ba. Da sakamakon ya fito akasin haka, sunan zai ci gaba da zama daidai.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara zaɓen kalma mai daɗi, sannan a tilasta wa cikakken take ya haifar da haruffanta. A nan ne ake cusa kalmomin da aikin bai ƙunsa ba, irin su ɗorewa da ƙarfafawa da sauya fasali, don kawai ana neman harafin da zai cike gurbi. Ana gane irin wannan cikin sauƙi: a nemi kowace kalmar take a cikin manufofin binciken, duk wadda ba a samu ba, harafinta aka ɗauko ta ta bayar. Ba dole ba ne laƙabi ya zama haɗin haruffa. Kalma biyu na Hausa sun wadatar.

Malamarmu za ta iya tunanin Sauƙi Ya Zo, ko Albarkar Rana. Ga abin da zai faru idan ta sauka da irin wannan suna a jikin takardun tambayoyinta. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai gari, manoma sun taru, ɗalibinta ya miƙe ya karanta sunan aikin. Kafin ya kai ga bayani, wani dattijo zai gyara zama ya ce, "Malama, Allah ya saka da alheri. To famfunan guda nawa ne za su zo ƙauyen nan, kuma yaushe za a fara rubuta suna?" Ba laifinsa ba ne. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Nuwambar 2015, kuma tun daga lokacin duk baƙon da ya zo fadama da takarda da biro yana tambayar girman gona, tunanin farko shi ne rabo ya zo. Malama za ta ce, "Baba, ba rabo muka zo yi ba, tambayoyi ne kawai," amma sunan ya riga ya yi magana kafin ita.

Illar ba ta tsaya ga ɓacin rai ba, tana shiga cikin alƙaluman kansu. Mai injin fetur da ke sa ran a ba shi sola zai ƙara yawan litar da yake cewa yana sha, ya rage buhunan da ya samu, don a ga shi ya fi cancanta. Mai sola kuma zai iya ɓoye cewa yana da ita, kada a tsallake shi. A ƙarshe bambancin da za a gani tsakanin rukunonin zai fi na gaskiya girma, kuma ba wani lissafi da zai gyara shi. Akwai kuma batun yarda: wanda ya amsa tambayoyi don yana zaton zai sami famfo, ba a kan abin da ake yi da gaske ya yarda ba.

Sunan da ya dace da aikinta shi ne Rana da Fetur. Ya ambaci abubuwa biyun da ake kwatantawa, bai fifita ɗaya ba, manomi zai gane shi a ji ɗaya, kuma ɗan kwamiti zai iya cewa wancan na rana da fetur ba tare da ya ɓata komai ba. Kafin ta tsayar da shi, ya kamata ta rubuta shi a Google tare da kalmar Kebbi ta ga ko wata ƙungiya ko kamfanin sola na amfani da shi, domin idan aka zaci aikin tallan wani kamfani ne, an koma gidan jiya. Sannan ta faɗa wa mutum biyu ko uku da ba 'yan sashenta ba, ta tambaye su me suke zaton aikin zai yi, ba wai ko sunan ya yi daɗi ba. Idan amsarsu ta yi nisa da abin da ke cikin takardar, sunan ne da gyara.

A Zamfara akwai ƙarin abin lura, inda suna kan iya cutar da waɗanda ake bincike a kansu. Tun bayan annobar gubar dalma ta 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, wadda ta kashe yara kusan 400 sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, an yi rubuce-rubuce da yawa a kan wannan yanki. Mai neman tallafi da ya sa masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba a takensa, ya riga ya kira mutanen da zai je wa tambaya masu laifi, alhali wannan taken ne zai hau saman takardar neman yardarsu. Ƙananan masu haƙar zinariya ya faɗi su wane ne ba tare da yanke musu hukunci ba. Haka kuma, a inda ake fama da rashin tsaro, sunan ƙaramar hukuma ya isa a take. Sunayen ƙauyuka su zauna a cikin takarda, ba a bangonta ko jikin mota ba.

Abu na ƙarshe shi ne cewa take yana da wuyar sauyawa bayan an amince da shi. Yana kan takardar ba da tallafi, yana kan amincewar kwamitin ɗa'a, da shi za a nemi kaso na biyu na kuɗi, kuma da shi za a gwada rahoton ƙarshe. Idan ruwan gulbi bai janye da wuri ba har wani ƙauyen Augie ya gagara shiga, malamar da ta rubuta fadamun Argungu da Augie tana iya musanya shi da wani ƙauyen a ƙaramar hukumar, takenta bai motsa ba. Da ta jera sunayen ƙauyukan huɗu a take, sai ta rubuta takardar neman sauyi ta jira amsa yayin da lokacin dashe ke wucewa. Idan kuwa aikin ne ya sauya da gaske, misali ta daina auna buhuna ta tsaya a kuɗin ban ruwa kawai, to ta sanar da ofishin da ya ba ta tallafin a rubuce tun kafin ta miƙa rahoto, ta nemi a cire yawan amfanin gona daga taken.